Daga Dogon Labari Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Tsara Rahoton Aiki Kashi Huɗu

Wanda ya yi aiki da hannunsa, in ka ce ya ba ka labari, daga farko zai faro. Zai gaya maka ranar da ya iso garin, wanda ya tarye shi, irin zafin da ake yi a shekarar, da wahalar hanya, sannan a hankali ya gangaro kan abin da ya faru. Haka labari ke da daɗin saurare. Sai dai shugaban ƙaramar hukuma da rahotanni suka taru a teburinsa, da kwamitin da zai raba tallafi tsakanin ƙungiyoyin manoma, da malamin jami'a mai duba aikin ɗalibai, ba daɗi suke nema ba. Tambayoyi huɗu ne a ransu. A wane hali ake ciki? Me ya lalace? Me aka yi a kai? Me ya fito? Shi ya sa ofisoshi da ƙungiyoyin agaji ke yawan cewa a kawo musu labarin aiki a sassa huɗu: shimfiɗa, matsala, mataki da sakamako.

Mutane da yawa in aka ba su wannan aiki sai su ɗauki labarin su yanka shi gida huɗu bisa tsawonsa. Sakin layi na farko su raɗa masa shimfiɗa, na biyu matsala, a haka har ƙarshe. Wannan ba tsarawa ba ne, kanun magana kawai aka liƙa wa tsohon labari. Dalili kuwa shi ne mai labari yana bin jerin yadda ya gano abubuwa, shi kuma tsarin nan yana bin jerin yadda mai karatu zai fahimce su. Abin da mai labari ya gano a tsakiyar hanya, sau da yawa shi ne ya kamata mai karatu ya fara sani.

Ba a gane wannan sosai sai da misali a hannu, don haka bari mu ɗauki labarin da ya faru a ƙasar Hausa, wanda kuma aka rubuta shi sau ba adadi: farfaɗo da itatuwan gona a jihar Maraɗi ta Nijar, abin da manoman can ke kira sassabin zamani.

Ga yadda ake yawan ba da shi. A farkon shekarun 1980 wani matashi ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya karanta aikin gona, ya iso Maraɗi da iyalinsa a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Ya tarar ƙasa ta yi fayau. Farin shekarun 1970 ya wuce ya bar ɓarna, gonaki sun cinye daji, mata na doguwar tafiya neman itacen girki, wasu sun koma ga kara da kashin shanu. Iska kan taso da rairayi ta binne shuka, sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Rinaudo ya duƙufa renon dashe yana rabawa ƙauyuka, amma yawancin dashen mutuwa yake yi, ko rana ta ƙona shi, ko awaki su cinye, ko gara ta shiga. Ransa ya ɓaci har ya kusa haƙura. Wata rana a 1983, yana tafe da mota ɗauke da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya sauka kan wani ɗan tsiro irin wanda ke ko'ina a gonaki. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara manoma na sare irin wannan toho lokacin sharar gona su ƙone. Ya shawo kan wasu manoma da ba su fi goma sha biyu ba su bar tohon ya girma, maƙwabta suka yi ta yi musu dariya, wasu ma aka sace musu itatuwan. A 1984 aka yi fari da yunwa, wadda mutanen Nijar suka raɗa wa El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a lokacin. Aka fito da shirin ba da abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100, da sharaɗin manomi ya bar itatuwa a gonarsa. Da shirin ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani, abin ya yi ta yaɗuwa daga manomi zuwa manomi. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa.

Labari ne mai kyau, kuma babu ƙarya a ciki. Amma ka miƙa shi ga jami'in gona a Jigawa ko Katsina ka tambaye shi me zai je ya yi gobe, sai ya sake karantawa sau biyu kafin ya ba ka amsa.

Aikin farko na hannu ne. Ka sa wa kowace jimla lamba, in jimlar na ɗauke da magana biyu ka raba ta. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wannan jimla wace daga cikin tambayoyin nan huɗu take amsawa? Ka rubuta harafi a gefenta. Kamar tankaɗe ne, gari gefe, tsaki gefe, kuma tsakin ma ba zubarwa ake yi ba. Za ka ga wasu jimlolin ba su amsa ko ɗaya ba, irin ɓacin ran Rinaudo da tsayawa rage iskar taya. Waɗannan ka tara su a kashi na biyar. Sai kuma takarda ta daban, inda za ka riƙa rubuta abin da labarin bai faɗa ba alhali tsarin na bukatarsa. Wannan takardar ita ce ribar aikin, za mu dawo kanta.

Matsala ce ke jan ragamar sauran

Kada ka fara da shimfiɗa don ita ce a sama. Ka fara da matsala, domin ita ke yanke abin da zai shiga sauran sassan uku. A nan ne kuma aka fi tuntuɓe.

A labarin Maraɗi akwai abubuwa uku da kowannensu ke iya zama matsala a idon mai gaggawa. Na farko shi ne rashin itatuwa da kwararowar hamada. Shi ne ya fi fitowa fili, shi ne kuma yawancin masu rubutu ke ɗauka. Amma wannan hali ne da ake ciki, ba abin da mutum zai sa hannu ya gyara ba. In ka rubuta shi a matsayin matsala, duk wani mataki zai dace da shi: dashe, haƙa rijiya, hana kiwo, raba risho. Matsalar da kowane magani ke shiga, ba a kai ga gano ta ba tukuna.

Na biyu shi ne mutuwar dashe. Wannan ya fi kusa, kuma shi ne abin da ya dami mai labarin. Sai dai ka duba matakin da aka ɗauka daga baya. Shin an gyara dashen? An samo iri mai juriya, ko an kewaye shi da ƙaya, ko an ƙara ban ruwa? Ko ɗaya ba a yi ba. An bar dashen ne aka koma wani abu daban. To in matakin bai taɓa abin da ka kira matsala ba, ba ita ba ce. Mutuwar dashe tana da wurin zama, amma a shimfiɗa, a matsayin abin da aka gwada a baya bai ci ba.

Na uku yana ɓoye a tsakiyar labarin, a jimla ɗaya da mai karatu zai iya wucewa bai lura ba: kowace shekara manoma na sare tohon su ƙone. Itatuwan ba su mutu ba. Kalgo da sabara da magarya na nan a ƙarƙashin gonakin da saiwoyinsu, kowace shekara suna ƙoƙarin tashi, kowace shekara gatari da wuta na mayar da su. Wannan ce matsalar da matakin ya amsa.

Amma ko a nan ba a gama ba, don mai hankali zai tambaya: don me manomi zai sare abin da zai amfane shi? Labarin bai faɗa ba, sai ka rubuta tambayar a takardarka ta daban ka je nema. Abin da za ka samo kashi biyu ne. Akwai ganin cewa gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki, kuma itace na cin abincin gero yana tara tsuntsaye. Akwai kuma doka. Tun zamanin mulkin Faransa dokar daji ta mayar da itatuwa abin da hukuma ke iko da shi, har waɗanda ke cikin gonar mutum. Manomi na iya shan tara a hannun malaman daji don ya sari itacen da ya tsiro a gonarsa. To wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Gara ya sare shi tun yana toho, kafin ya kai girman da za a kira shi itace.

Ka ga yanzu matsalar ta tsaya da ƙafafunta: akwai wanda ke yin abu, akwai abin da yake yi, akwai dalilinsa, akwai kuma illar da ke biyo baya. Jimla biyu ko uku sun ishe ta.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata, don ya zama ruwan dare a rahotannin ƙungiyoyi. Shi ne rubuta matsala a matsayin rashin maganin da kai ka kawo. Sai ka ga an rubuta cewa matsalar ita ce manoma ba su san sabuwar dabarar ba, ko ba su samu horo ba. Wanda ya rubuta haka ya riga ya ba kansa nasara, domin da zarar ya yi taron horarwa, matsalar ta kau a takarda ko da itace ɗaya bai tsaya ba. Kuma a wannan labarin ma ba gaskiya ba ne. Manoman Sahel sun san renon toho tun kaka da kakanni. Abin da ya hana su ba jahilci ba ne.

Da matsala ta zauna, shimfiɗa ba ta da wuya. Abin da ke shiga cikinta shi ne abin da ya riga ya kasance kafin a ɗaga hannu, wanda kuma in babu shi baƙo ba zai gane matsalar ba. Wuri, lokaci, su wa ke ciki, me aka gwada a baya. Ƙasar rairayi ce, noman gero da dawa, ruwan sama kimanin milimita 400 zuwa 600 a shekara, fari, ƙarancin itace, dashen da bai kama ba. Zuwan Rinaudo da iyalinsa ya koma rabin jimla. Yunwar 1984 kuwa, duk da ta yi kama da kayan shimfiɗa, ba nan ne wurinta ba, don ta zo bayan an fara aiki, kuma ita ce ta buɗe ƙofar mataki na biyu. Can za ta zauna. Sunan El-Buhari, da daɗinsa da komai, kashi na biyar zai tafi. Shimfiɗar da ta fi matsala da mataki tsawo alama ce marubucin ya fi sanin tarihin garin fiye da aikin da aka yi.

Wa ya yi, me ya yi, yaushe, nawa

Sashen mataki shi ne wanda mai son kwaikwayon aikin zai fi karantawa, don haka ya kamata ya fi kowanne tsawo. Shi ne kuma labarin baka ya fi yi wa rowa. Duba abin da labarinmu ya ce: ya shawo kan manoma su bar tohon ya girma. Shi ke nan. Wanda ya bi wannan jimla ya bar kututture yadda yake, kurmi zai samu ba itace ba, domin toho ashirin ne za su yi ta kokawar abinci ɗaya.

Ainihin aikin, wanda dole ka nemo ka saka, ga shi. Manomi zai zagaya gonarsa kafin sharar gona ya zaɓi kututturan da zai bari, gwargwadon irin itacen da yake so da tazarar da ke tsakaninsu. A kan kowane kututture ya zaɓi toho mafi tsawo da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya aske musu rassan gefe har kusan rabin tsawonsu, da kaifin ƙarfe, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni ya dawo ya cire sabon tohon da ya fito. Abin da ya sare ya zama itacen girki da abincin dabbobi tun a shekarar farko. Saboda saiwar tsohuwa ce mai zurfi, itacen kan yi saurin da dashe ba ya yi, kuma ba ya bukatar ban ruwa.

Kowace jimla a wannan sashe tana bukatar mai aikatawa. Labari na son cewa aka yi, aka fito da shiri, aka sare. Tsarin nan ba ya yarda da haka. Wa ya raba abincin? Ƙungiyar. Wa ya aske itatuwan? Manoma. Wa ya sassauta tara? Malaman daji na jihar, bayan ma'aikatan shirin sun roƙe su su bar manomi ya mori itacen da ya rena. Wannan mataki na ƙarshe ko kaɗan bai fito a labarin da muka karanta ba, alhali shi ne ya amsa rabin matsalar, wato rabin da ya shafi doka. Ta haka ake gane amfanin fara rubuta matsala: kowane dalili da ka ambata a can yana neman matakin da zai amsa shi a nan. In dalili ya tsaya shi kaɗai babu mataki a gabansa, ko dai an yi wani abu ba a faɗa maka ba, ko kuma ba a yi ba, kuma duka biyun mai karatu na bukatar sani.

Sakamako da tsoron faɗin gaskiya

Abu na farko shi ne raba aikin da aka yi da canjin da aka samu. Kai shiri ƙauyuka kusan 100 ba sakamako ba ne, mataki ne mai lamba a jikinsa. Sakamako shi ne abin da ya sauya a kan matsalar: shin an daina sare tohon? Rahotanni da yawa sun cika wannan sashe da yawan tarurruka da mahalarta da buhunan da aka raba, kuma mai karatu ya gama bai san ko wani abu ya gyaru ba.

Na biyu shi ne sare kashi biyu cikin uku na itatuwan. An rena kimanin itatuwa 500,000 a lokacin rabon abinci, da abincin ya tsaya yawancinsu suka faɗi. Mai son burge masu ba da kuɗi hannunsa zai yi ƙaiƙayin goge wannan jimla. A ganina ita ce mafi tsada a shafin. Ita ke gaya wa jami'in da ke shirin biyan manoma don su bar itace cewa biyan na sa mutane su gwada, amma ba ya sa su riƙe. Waɗanda suka riƙe, amfanin da suka gani da idonsu ne ya riƙe su. Shafin da ya ɓoye wannan zai sa wani ya kashe kuɗinsa ya maimaita abin da aka riga aka gani.

Na uku shi ne bambanta abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta. Hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun fito ne daga aikin masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, waɗanda suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma bi ƙasa suka duba. Akwai wata lamba da ke yawo tare da waɗannan, cewa an samu ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan 2.5. Wannan ba wanda ya ɗora ta a sikeli. Lissafi ne da aka buga a 2009: an ɗauka kowace hekta ta ƙara kilo 100, aka ninka da hekta miliyan 5, sannan aka raba a kan kilo 200 ga kowane mutum. Lissafin ba laifi ba ne, amma in ka jera shi kusa da wanda aka auna ba tare da kalmar ƙiyasi ba, ka ba shi nauyin da ba nasa ba.

Na huɗu ya fi duka wuya, kuma tsarin kansa ne ke jawo shi. Da zarar ka ɗora sakamako a ƙarƙashin mataki, mai karatu zai ɗauka wancan ne ya haifi wannan, ko da ba ka faɗa ba. To shin shirin Maraɗi ne ya tayar da hekta miliyan 5? Babban ɓangare na wannan fili yana jihar Damagaram ne, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya fi yawa, kuma mutanen can sun daɗe da al'adar kare gawo tun zamanin sarakunansu. Ruwan sama ya ɗan dawo bayan tsakiyar shekarun 1980. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa a kan itacen gonarsa. Wasu ƙungiyoyi ma sun yi nasu aikin a wasu yankuna. Don haka a raba sakamakon gida biyu: abin da shirin zai iya cewa nasa ne, da abin da ya faru a ƙasa baki ɗaya wanda shirin ya ba da gudummawa a ciki. Jimla ɗaya ta isa ta ambaci sauran dalilan.

Haka ma a shimfiɗa, a yi hattara da cewa dashe bai taɓa yin nasara a Nijar ba. Layukan darbejiya da aka fara dasawa a kwarin Majiya daga 1975 don tare iska sun kama. Abin da za ka iya tsayawa a kai shi ne dashen wannan shiri a wannan yanki.

Ga shafin bayan an gama.

Shimfiɗa: Jihar Maraɗi a kudancin Nijar ƙasar rairayi ce da ake noman gero da dawa da ruwan sama kimanin milimita 400 zuwa 600 a shekara. Zuwa farkon shekarun 1980, fari da faɗaɗa gonaki sun kwashe yawancin itatuwa. Itacen girki ya yi wuya, iska na binne shuka har a sake sau biyu ko uku. Shirin raya karkara na ƙungiyar SIM ya gwada dashe, yawancinsa ya mutu.

Matsala: Gonakin na cike da kututtura masu rai, amma manoma na sare tohonsu kowace shekara lokacin sharar gona. Suna ganin itace na rage amfanin gona, kuma doka ba ta ba su ikon morar itacen da suka rena ba.

Mataki: A 1983 Tony Rinaudo ya fara gwajin renon toho da manoman da ba su fi goma sha biyu ba. Manomi na zaɓar kututture, ya bar toho ɗaya zuwa biyar mafi miƙewa, ya sare sauran, ya aske rassan gefe zuwa rabin tsawo, ya maimaita bayan 'yan watanni. Da yunwar 1984, shirin ya sa barin itatuwa cikin sharuɗɗan ba da abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100. Ma'aikatan shirin sun kuma nemi malaman daji su bar manoma su yi amfani da itatuwan da suka rena.

Sakamako: An rena kimanin itatuwa 500,000, an sare kusan kashi biyu cikin uku bayan rabon abinci ya tsaya. Manoman da suka bar nasu sun samu itace da abincin dabbobi da kariya daga iska, maƙwabta suka kwaikwaye su ba tare da biya ba. Bayan shekara ashirin, bincike ya nuna kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa. Sauyin doka, dawowar ruwan sama da tsohuwar al'adar kare gawo duk sun taimaka. Ana ƙiyasin ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara.

Kafin ka miƙa irin wannan shafi, ka rufe shimfiɗa da mataki da hannunka, ka karanta matsala, ka tsallaka kai tsaye zuwa sakamako. In sun yi kama da tambaya da amsarta, aikin ya tsaya. In matsala na maganar sare toho, sakamako kuma na maganar yawan waɗanda suka halarci taro, ɗayansu ne ya kauce.

Kashi na biyar fa, da tayar mota da dariyar maƙwabta? Ba a banza suke ba. Rinaudo, wanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, har yanzu da labarin tayar nan yake jan hankalin masu sauraro, kuma ba shafi mai sassa huɗu da zai yi masa wannan aiki. Akwai ma inda tsarin ke ɓata abin da ake nema. Makarantar koyon kasuwanci ta Harvard, wadda ta shahara da koyarwa da labaran kamfanoni tun shekarun 1920, da gangan take barin su a matsayin labari, a cakuɗe, a kuma tsaya daidai inda shugaba zai yanke shawara, don ɗalibi ya tono matsalar da kansa. In koyar da tunani kake so, kada ka tsara. In kana son wanda lokacinsa kaɗan ne ya yanke shawara, ko ya gwada ayyuka goma da juna a kan ma'auni ɗaya, to ka tsara, ka ajiye cikakken labarin a bayan shafin ga mai bukata. Dariyar maƙwabta da satar itatuwa kuwa, in mai karatunka jami'i ne da zai je ya fara aikin a ƙauye, ka dawo da su cikin mataki a jimla ɗaya, domin su zai fara cin karo da su.

Abu na ƙarshe da ya kamata a yanke, tun kafin a sa wa jimloli lamba, shi ne labarin wa ake tsarawa. Shafin da ke sama daga bakin shirin aka rubuta shi, shi ya sa sunan baƙo ya fito, manoma kuma suka zo a dunƙule. Da daga bakin manomin Agye ko Gidan Rumji aka ɗauko shi, sassan huɗu duka za su sauya. Matsalarsa ba toho ba ce. Matsalarsa ita ce irin da yake zubawa sau uku a damina ɗaya, da matarsa da ke wuni neman itace, da malamin dajin da ke iya cin sa tara. Matakinsa zai haɗa da abin da rahoton shirin bai damu da shi ba, kamar yadda ƙauyensu ya kafa masu gadin itatuwa da yadda suka daidaita da makiyaya. Sakamakonsa kuma da dami za a ƙirga shi, da kuɗin itacen da ya kai kasuwa a shekarar da gero bai yi ba.